Jikin aro: yadda ƙwayar ƙiba ke shiga tsakanin budurwa da darajar kanta a Madawa, Buza da Keita

Idan aka sa ranar auren yarinya a Madawa, ko Buza, ko Keita, lissafi biyu ne ke tashi a gidansu. Na farko a fili ake yin sa: gado da katifa, kwanuka, kayan ɗaki, abincin baƙi. Na biyu kuwa a ƙuryar ɗaki ake yin sa, tsakanin amarya da ƙawayenta ko wata yayarta, kuma tambaya ɗaya ce: yaya za a yi ta cika kafin ranar? A da amsar ita ce fura da nono da hutu. Yau sau da yawa amsar tana cikin ƙullin leda, ƴan ƙananan ƙwayoyi da ake saye wurin masu baza magani a ƙasa ranar kasuwa, ba tare da takardar likita ba. A Najeriya har suna aka yi musu, ana ce musu “sha ka fashe”.

Ƙwayar tana aiki, kuma nan matsalar take. Tana ba yarinya jikin da za a yaba a daidai lokacin da idanu suka fi yawa a kanta, amma jikin ba nata ba ne, kuma ba zai zauna ba. Ranar da ya fara zubewa, ba za ta ce magani ne ya sake ta ba. Za ta ce mijinta ya daina ganin kyanta, ko ita ce ta gaza.

Abin da ake karantawa a jikin mace

Hausawa na cewa jiki magayi. A ƙasar Adar da kewayenta, jikin matar aure shaida ne da kowa ke dubawa. Idan amarya ta je ganin gida bayan ƴan watanni ta yi ɓul-ɓul, sai a ce gidan ya karɓe ta, mijin yana riƙe da ita da kyau. Idan ta koma a rame, kafin ta zauna gwaggonta ta fara tambaya: lafiya kuwa, ko uwar miji ce, ko abinci ne babu? Haka ma maijego. Idan ta gama wanka a gidan iyayenta, ana sa ran ta koma ɗakinta a murje, domin murjewar ita ce alamar cewa iyayenta sun yi ƙoƙari.

Wannan kallo yana da tushe. Yankin nan ya ga yunwar 1973 zuwa 1974, ya ga ta 1984 zuwa 1985, ya kuma ga ƙarancin abincin 2005 da ya addabi jihohin Tawa da Maraɗi. Inda mutane suka san rama da idonsu, ƙiba takan zama alamar rufin asiri. A arewacin jihar nan ma, a cikin Azawak, wata masaniyar al'adu mai suna Rebecca Popenoe ta zauna da Larabawan yankin, ta kuma wallafa littafi a 2004 a kan yadda ake ɗura wa ƴan mata madara da kunun gero tun daga lokacin da suka fara famfarar haƙori, domin su kai aure da jiki mai nauyi. Hausawan Madawa da Buza ba sa ɗura irin wannan, amma tunanin da ke ƙarƙashi ɗaya ne: cikar jikin mace tana nuna cewa akwai masu ɗawainiya da ita.

Yarinya tana girma tana jin wannan hukunci a kan wasu matan, tun kafin a yi shi a kanta. Tana jin ana ce wa wance “tsinke”, ana yi wa wata dariyar ƙashin wuya. Kuma ba ta samun dogon lokacin da za ta yi tunanin kanta kafin a auna ta. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 sun yi aure kafin su cika shekara 18. Ma'ana, da yawa suna shiga idon dangin miji jikinsu bai gama girma ba. Yarinya mai shekara 16 da ake ce wa ba ta da ƙugu, sau da yawa lokacin ƙugun ne bai yi ba.

Ga kuma zancen kishiya. A binciken nan dai, wajen mace ɗaya cikin uku na matan aure tana zaune da kishiya. Ko wadda ba a yi wa ba tana rayuwa da sanin cewa za a iya yi mata, kuma idan ta tambayi kanta me wata za ta fi ta da shi, jiki ne abin da ya fi saurin faɗo mata a rai, domin shi ake gani.

Ma'aunin ya sauya, amma bai sassauta ba

Abu biyu sun ƙara wa wannan tsohon ma'auni nauyi. Na farko shi ne tafiya bida. Samarin Keita da Tamaske da Buza sun daɗe suna fita bayan kaka, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, kuma wani yakan yi shekara ko fiye bai waiwayo gida ba. Saurayin da ke nesa ba ya ganin yadda budurwarsa ke tarbar baƙi, ko yadda take juya kuɗin sana'arta, ko haƙurinta da ƙannenta. Hoto yake gani a salula. Ita ma ta san haka, don haka duk darajarta a wurinsa sai ta tattare a cikin hoton da za ta aika. Wayoyin yanzu kuma suna goge fuska, suna ƙara haske, suna cike kumatu. Idan ranar dawowarsa ta matso, sai ta tarar tana gasa da hoton kanta.

Na biyu shi ne irin jikin da ake yayi yanzu. Kakanninmu ƙiba gaba ɗaya suke yabo, daga wuya har ƙafa. Bidiyon da ƴan mata ke kallo a waya kuwa wani jiki dabam suke tallatawa: cikakken ƙirji, faɗin ƙugu, shafaffen ciki, da fata mai haske. Wato ana son ƙiba a wani wuri, ana son rama a wani wuri. Inda kitse ke taruwa a jikin mace kuwa mafi yawa gado ne, kamar tsawo da launin fata. Babu abinci ko ƙwayar da ke ɗaukar nama ta kai shi ƙugu kaɗai ta bar ciki. Kamar yadda za mu gani, ƙwayar da aka fi sha akasin haka ma take yi.

Me ke cikin ƙullin ledar

Magunguna biyu ne aka fi haɗawa, kuma dukansu magungunan asibiti ne na gaskiya da aka karkatar daga aikinsu.

Na farko shi ne siproheptadin. Maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana zuwa a ƙwaya mai miligiram 4 ko a ruwa cikin kwalba, wani lokaci a gauraye da bitamin. Yana buɗe ciki, yana kuma sa barci mai nauyi. Mai shan sa tana ci da yawa tana kwanciya da yawa, shi ya sa take ƙara nauyi. Illarsa ta yau da kullum ita ce kasala, jiri da bushewar baki, kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan wani ruwan maganin ƙiba mai ɗauke da shi, wanda ake tallatawa a kafofin sada zumunta.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne deksametazon, wanda ake taƙaitawa a ce deksa. Likitoci suna ba da shi ga mai asma da ta tashi, ko mai kumburi mai tsanani, na ƴan kwanaki kuma da awo. Don a gane ɓarnarsa sai a san abu ɗaya game da jiki. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ke samar da wani sinadari mai suna kotizol. Shi ke riƙe ƙarfin bugun jini da sukarin jini, shi ke ba jiki juriya idan zazzaɓi ko rauni ko naƙuda ta zo. Deksa kwaikwayon wannan sinadari ne, amma ya fi shi ƙarfi wajen sau 25. Ƙwaya ɗaya da rabi ta deksa mai rabin miligiram ta kai abin da jiki ke samarwa a yini guda.

Idan sinadarin ya yi yawa a jini na tsawon makonni, yana sa yunwa, sannan yana sauya wa kitse mazauni. Kitsen yana taruwa a fuska, da ƙeya, da ciki. A lokaci guda yana cinye naman cinya da na ɗuwawu da na damtse. Wato yarinyar da ta sha don ta samu ƙugu, kumatu da tumbi za ta samu, ƙafafunta kuma su sirance. Likitoci suna kiran wannan hali da sunan Cushing, likitan Amurkan da ya fara bayyana shi.

Akwai wata hanyar da irin wannan sinadari ke shiga jiki ba ta baki ba. Da yawa daga cikin mayukan ƙara hasken fata suna ɗauke da ƴan uwan deksa, irin su kulobetazol da betametazon, kuma idan ana shafa su a duk jiki kullum, fata tana tsotse su zuwa jini. Saboda irin wannan ne ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. Amaryar da ke shan ƙwaya tana kuma shafa man, kashi biyu take ɗauka na abu ɗaya ba tare da ta sani ba.

Misali: mako shida kafin biki

Mu ɗauki misali, ba na wata takamaimiyar yarinya ba, amma na yadda abin ke tafiya daki-daki. Budurwa ce mai shekara 20 a Madawa. Tsawonta mita 1.60, nauyinta kilo 50. Angon yana Abijan, zai dawo saura kwana goma biki. Wata rana ƙanwarsa ta zo gaisuwa, cikin raha ta ce, ai sai an ciyar da amaryarmu, kada iska ta ɗauke ta. Kowa ya yi dariya. Ita kuwa maganar ta kwana da ita.

Da za ta je asibiti a auna ta, ga abin da za a gaya mata. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mita 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, kilo 50 a raba da 2.56 ya ba da 19.5. Ga baligi, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai. Wato lafiyarta ƙalau, ba ta da wata rama da ke neman magani. Amma ba asibiti ta je ba. Ƙawarta ta kawo mata ƙulli: deksa biyu da safe, biyu da dare, da ƙwayar barci a kai. Miligiram 2 ke nan a yini, kusan ninki uku na abin da jikinta ke samarwa.

A mako na farko da na biyu ba ta ƙoshi. Tana ci da tsakar dare, tana jin wani ƙarfi da walwala. A mako na uku kumatu sun fito, fuska ta yi sheƙi, masu zuwa gidan suka fara cewa amarci ya soma tun kafin a ɗaura. Wannan ne wurin da ya fi muhimmanci a labarin. Karon farko ke nan da aka yabi jikinta a bainar jama'a, kuma ta san abin da ya jawo yabon. Daga ranar, a lissafinta, darajarta tana cikin ledar nan.

Abin da ba ta gani shi ne abin da ke faruwa a saman ƙodarta. Da jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje da yawa, sai ya daina samar da nasa. Bayan kamar mako uku zuwa huɗu ana sha kullum, tsokar tana iya yin kwance, kuma ba ta farkawa a rana ɗaya.

An yi biki, hotuna sun yi kyau, ta kai kilo 56. Bayan mako guda da tarewa ledar ta ƙare, ta ce ai buƙata ta biya. Kwana biyu zuwa uku sai jiki ya mutu. Gaɓoɓi na ciwo, zuciya na tashi, abinci ba ya shiga, idan ta miƙe sai jiri. Uwar miji ta ce ko shigar ciki ne. Aka kai ta asibiti aka yi gwajin zazzaɓin sauro, babu. Ba ta faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ta sha ba, domin mijinta yana tsaye a wurin. Da ta koma gida ta aika aka sayo mata wani ƙullin, kafin gari ya waye ta warware. A nan ta yanke cewa ƙwayar ce ke riƙe da lafiyarta, alhali ita ce ta kwantar da ita.

Wata biyar bayan haka, fuska ta yi zagaye kamar faranti, ƙuraje sun feso, ƙeya ta yi tudu. A ciki da cinya da hammata wasu zane-zane masu faɗi sun tsage, ja-ja ko masu duhu. Al'adarta ta rikice. Idan ta tsuguna wurin murhu, sai ta dafa ƙasa kafin ta tashi, saboda naman cinya ya zube. Tana yawan jin ƙishirwa da fitsarin dare, alamar sukari ya hau. Barci ya gagara, fushi ya yi kusa.

Yadda take fassara abin da ya same ta

Duk abin da aka lissafa a sama aikin magani ne, kuma likita zai iya bayyana kowanne. Amma yarinyar ba da idon likita take kallon kanta ba. Da ma'aunin da aka raine ta a kai take kallo, wanda ya ce jikin mace shi ne labarin aurenta.

Ta fara kashe fitila kafin ta sauya zane. Mijin ya ga tana gudunsa, ya ɗauka ba ta son sa, ya ja baya. Ita kuma ta ga ya ja baya, ta ce ai zanen cikinta ya gani. Da ya koma Abijan, idan ya kira ta bidiyo sai ta ƙi ɗauka ta ce babu rezo. Idan ya kwana biyu bai kira ba, ba ta tunanin aiki ne ya riƙe shi, sai ta ce ya ga wadda ta fi ta. Watanni sun wuce babu ciki, saboda al'adar da maganin ya rikita, dangin miji sun fara ƙus-ƙus, ita kuma ta ƙara wannan a cikin jerin laifuffukanta.

Mafi muni shi ne abin da wannan ke yi wa bakinta. Macen da ta yarda cewa jikinta ne kaɗai jarinta, kuma jarin ya karye, ba ta iya neman haƙƙinta. Idan kuɗin cefane bai zo ba, ta yi shiru. Idan aka wulaƙanta ta, ta haɗiye, tana cewa a ranta wa zai kwashe ni a haka. Budurwar da ba ta yi aure ba ma haka ne: wadda aka saba yi wa dariyar rama ko baƙin fata takan amince da wanda ya fara zuwa, ko da ta ga halin da bai kwanta mata ba, don tana ganin sa'a ce ta samu. Kuma duk wannan yana tafiya da sirri. Tana ɓoye leda a ƙasan akwati, tana rage kuɗin cefane don ta saya, tana zaune da tsoron ranar da za a gane. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Yadda za a gane, da abin da ya kamata a yi

Ƙibar abinci da ƙibar deksa ba su yi kama ba ga wanda ya san abin da zai duba. Ƙibar abinci a hankali take zuwa, kuma tana bin jiki duka, har damtse da cinya. Ta deksa cikin makonni take bayyana, fuska da ciki suna gaba, hannu da ƙafa suna baya. Zanen da ƙibar yau da kullum ko goyon ciki ke bari siriri ne, yana kuma dusashewa. Na deksa yana da faɗi, wani ya kai faɗin yatsa, fatar wurin ta yi laushi kamar za ta yage. Ƙaramin bugu yana barin tabo, ƙaramin rauni yana daɗewa bai warke ba, ƙuraje da makero suna yawaita, domin maganin yana raunana garkuwar jiki. Uwa ko yaya da ta ga waɗannan ga ƴarta, tambaya cikin lalama ta fi faɗa amfani, domin faɗa ɓoyewa yake ƙarawa.

Babban abin da za a riƙe shi ne wannan: wadda ta yi fiye da mako uku tana shan deksa kullum kada ta daina rana ɗaya, kuma kada miji ko uwa su ƙwace ledar su zubar cikin fushi. Yankewa kwatsam na iya sa bugun jini ya faɗi har a rasa rai, musamman idan ya haɗu da zazzaɓi ko gudawa. Hanyar ita ce a je asibiti da kwalin ko ragowar ƙwayoyin da man shafawar, a faɗi gaskiyar yawan da ake sha da tun yaushe. Likita zai auna hawan jini da sukari, ya tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, har tsokar ta farka ta ci gaba da aikinta. Mai ciki, ko wadda za a yi wa aiki, dole ta sanar da ungozoma ko likita ko da ta riga ta daina a watannin baya. Idan kuma amai ya ƙi tsayawa, ko ta suma, ko hankalinta ya gushe bayan ta daina sha, wannan na gaggawa ne, asibitin gunduma za a nufa a faɗa musu sunan maganin tun daga ƙofa.

Yana da kyau ta san abin da zai dawo da abin da ba zai dawo ba. Fuska tana saɓewa, al'ada takan daidaita, ƙarfin cinya yana dawowa, amma a cikin watanni, ba kwanaki ba. Zanen fata yana dusashewa amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Wadda ta daɗe ƙwarai tana sha kuma tana iya fita da hawan jini, ko ciwon sukari, ko lalacewar ƙashin ƙugu da ke sa ɗingishi. A watannin ragewar nan za ta rame a idon mutane, za a kuma yi magana. Nan ne ta fi bukatar mijin da ya san dalili, wanda zai tare mata bakin danginsa.

Idan ramar ta gaskiya ce

Akwai ƴan matan da lissafin nan zai nuna suna ƙasa da 18.5, ko waɗanda ke zubewa ba tare da sun rage ci ba. Su ma ba ƙwayar ƙiba suke bukata ba, dalilin ramar za a nema. Yana iya zama tsutsar ciki, ko zazzaɓin sauro mai yawan dawowa, ko ƙarancin jini, wanda binciken 2012 ya samu a jikin kusan rabin matan ƙasar nan. Yana iya zama tarin fuka, kuma a nan deksa guba ce, domin tana rufe alamun cutar tana ba ta fili. Yana iya kuma zama aiki ne ya fi abinci yawa, kamar yarinyar da ke yini a garkar albasa ko tallan fura da kofin koko ɗaya a cikinta, ko damuwa ce ta hana ta ci.

Idan an kawar da cuta, ƙara nauyi lissafi ne mai sauƙi amma mai jinkiri. Jiki yana bukatar rarar abinci ta wajen kalori 500 a kullum kafin ya ƙara kamar rabin kilo a mako. Giram 100 na gyaɗa yana da fiye da kalori 550. Wato tafi biyu na soyayyar gyaɗa da ƙarin ludayin fura da nono a kan abincin da aka saba sun isa. Wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli da dabino ma suna taimakawa. A mako shida abin da za a samu bai wuce kilo uku ba, kuma zai zauna inda gadonta ya ajiye shi. Duk wanda ya yi alkawarin fiye da haka cikin mako biyu, ko ya ce maganinsa ƙugu kaɗai yake nufa, ko da ya ce na gargajiya ne, a yi hattara, domin ba a san abin da aka daka a ciki ba.

Wa ke riƙe da ma'aunin

A misalin da muka bi, ba mai sayar da magani ne ya fara ba. Raha ce ta ƙanwar miji, da dariyar da aka yi, da yabon da ya biyo bayan kumatun mako na uku. Kowane daga cikinsu bai yi nufin cutarwa ba, amma tare suka koya wa yarinya cewa kilo shida ne tsakaninta da karɓuwa. Mafi yawan masu wannan awo kuma mata ne ƴan uwanta: iyaye, gwaggwanni, surukai da ƙawaye. Angon kansa sau da yawa ba a tambaye shi ba. Ya gan ta da kilo 50 ya kai kuɗin aurenta, kuma da ya buɗe baki ya faɗi haka tun ranar da aka sa rana, da wataƙila ledar ba ta shigo gidan ba.

Don haka idan amarya ta zo ganin gida, kafin a duba wuyanta a ce gidan ya karɓe ta ko bai karɓe ta ba, a zaunar da ita a tambaye ta yadda take kwana da yadda take tashi. Kumatu yanzu ana sayen su da ƴan dalaye a kasuwa, sun daina zama shaidar komai.